Tunin da ke jiran mutum a ƙofar gida

Katin wuta nakan saye shi da rana, ina zaune a ofis, ta waya. A turo mini lambobi 20, waɗanda ba su da wani amfani har sai na tsaya a gaban mitar da ke zauren gidanmu a Hotoro na danna su ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin saye da dannawa akwai sauran aikin yini, akwai sallar la'asar, akwai cunkoson titin Maiduguri da yamma. Na daɗe ina saita ƙararrawar waya ƙarfe 6, lokacin da nake kyautata zaton na isa gida. Ranar da hanya ta yi kyau nakan isa tun 5 da rabi, in cire takalmi in zauna, ƙararrawar ta same ni ina cin abinci, in ce bari in gama. Ranar da hanya ta cushe kuwa ƙarfe 6 na cika ina cikin adaidaita sahu, sai in kashe ta, don babu mita a gabana. A duka biyun sakamakon ɗaya ne: can tsakar dare fanka ta tsaya, maƙwabta na da wuta, mu babu, lambobin kuma na kwance a cikin waya.

Ƙararrawar ba ta taɓa saɓa alkawari ba, ƙarfe 6 na ce mata, ƙarfe 6 take bugawa. Kuskuren yana cikin abin da na ɗaura aikin a kansa. Loda kati ba ruwansa da ƙarfe nawa ne, wuri yake buƙata. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da raba waɗannan biyun: a 1990 wasu masana biyu a Amurka, Gilles Einstein da Mark McDaniel, suka bambanta niyyar da ke jiran wani lokaci da niyyar da ke jiran faruwar wani abu. Shan maganin da likita ya ce duk bayan awa 8, ko ɗauko yara an tashi makaranta, na agogo ne. Miƙa wa akawu takardar hutu, duba ko an rufe kan tukunyar gas, ba maigadi saƙo, karɓo ɗinki wurin tela, duk waɗannan sai ƙafa ta taka wurin.

Wayoyin zamani sun iya irin wannan tuni, kuma ba jiya suka fara ba. Kamfanin Apple ya saka shi a manhajar Reminders tun 2011. Amma mutane da yawa da suka gwada sun watsar, wasu don ya ƙi bugawa, wasu don ya buga inda ba a so. Na ga dalilin yana komawa ga abu ɗaya: muna ɗauka waya ta san gida. Ba ta san shi ba. Abin da ta sani da'ira ce kawai a kan taswira, mai tsakiya da faɗi. Ka dasa ɗigo a kan gidanka, ka ce mita 150 daga wannan ɗigo ta kowace fuska. Daga nan abin da wayar ke tambayar kanta lokaci zuwa lokaci shi ne, ina cikin da'irar nan ko ina wajenta? In ɗazu tana waje yanzu tana ciki, ta ce ka iso. In ɗazu tana ciki yanzu tana waje, ta ce ka fita. Tsallaka layin shi ke tayar da tunin, ba shiga zaure ba, ba buɗe ƙofar ɗaki ba. Wanda ya riƙe wannan zai gane kusan duk wata matsala da zai haɗu da ita.

To da me wayar ke auna inda take? Yawancinmu za mu ce GPS, kuma gaskiya ne, amma rabin gaskiyar. Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne na aiko da saƙon lokaci. Waya na buƙatar jin aƙalla 4 daga cikinsu kafin ta lissafa matsayinta, kuma a fili, inda sama ke buɗe, kuskurenta bai cika wuce mita 5 ba. Sauraron nan ba ya cin data. Batir yake ci, da gaske kuwa, sannan saƙon yana da rauni ƙwarai: rufin kwano da dakin siminti suna tare shi. Don haka waya ba ta barin GPS a kunne yini guda saboda tuni ɗaya. Ta fi dogara da hanyoyi biyu masu araha. Ɗaya ita ce ƙarafunan sabis da take gani a kusa, waɗanda ke ba ta kintace mai faɗi, daga ɗaruruwan mitoci a cikin gari zuwa kilomitoci a ƙauye. Ɗayar kuma ita ce sunayen Wi-Fi da ke kewaye da ita, ko da ba ta haɗu da ko ɗaya ba. Google da Apple suna da kundin da ya nuna inda aka saba ganin kowace na'urar Wi-Fi, sai wayar ta kwatanta abin da ta gani da abin da ke cikin kundin. A unguwar da ofisoshi da bankuna suka yi yawa wannan na ba da amsa mai kyau. A unguwar da ba kowa ke da Wi-Fi ba, wayar na komawa ga kintacen ƙarfen sabis. Shi ya sa mutum ɗaya da waya ɗaya zai ga tunin ofis na bugawa daidai, na gida na ɓata masa rai.

Akwai hanya mai sauƙi ta ganin wannan da ido. Ka zauna a ɗakinka ka buɗe Google Maps, ka dubi shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake. Kewaye da shi akwai wani haske mai launin shuɗi-shuɗi, wanda shi ne faɗin shakkar wayar. In ya tsaya kan gidanka da na maƙwabci, ƙaramar da'ira za ta yi maka. In ya lulluɓe rabin unguwa, to da'irar da ba ta kai wannan faɗin ba za ta riƙa yi maka gardama.

Ga yadda tawa ta kasance. Wayata Android ce, na saka wata manhajar jerin ayyuka mai wannan tsari. Tun a matakin farko na ci karo da abin da duk mai zama a unguwanninmu ya sani: gidan ba shi da lambar da taswira ta sani, layinmu ma ba shi da suna a kanta. In ka rubuta sunan unguwa kawai, ɗigon zai sauka ne a wani wuri da taswirar ta ɗauka tsakiyar unguwa ne, wanda zai iya nisan kilomita guda da ƙofarka. Maganin shi ne a fito tsakar gida ko ƙofar gida, inda sama ke buɗe, a jira minti ɗaya shuɗin ɗigon ya natsu, sannan a zaɓi wurin da ake tsaye. A tsakar gida na dasa nawa.

Sai faɗin da'ira. Na fara da mita 500, a tunanina gara ta yi yawa da ta gaza. Ta buga kuwa, kullum, amma a bakin titi, daidai inda nake sauka in sayi burodi in gaisa da mutanen majalisa. Daga nan zuwa gida tafiyar minti 5 ce a ƙafa, in an haɗa da gaishe-gaishe ta kai rubu'in awa. Kafin in isa zaure tunin ya riga ya nutse ƙarƙashin saƙonnin WhatsApp. Ƙararrawar ƙarfe 6 ce ta dawo da wata riga. Sai na koma ɗaya gefen, na matse da'irar iyakar yadda manhajar ta yarda. Nan kuma sabuwar matsala ta fito: wata rana ba ta bugawa sam, wata rana kuma ta buga ƙarfe 2 na dare ina kwance. Dalilin ba boyayye ba ne. A ƙarƙashin kwano wayar ta rasa taurari, ta kintata da ƙarfen sabis, kintacen ya jefa ta bayan layi, can ya dawo da ita ciki. A wurinta na fita na dawo. Duk wanda tuninsa ke bugawa alhali bai motsa ba, da'irarsa ta yi ƙanƙanta.

Na tsaya a mita 150, kuma daga baya na ga ba ni na gano wannan ba. Jagorar da Google ya rubuta wa masu ƙera manhajojin Android ta ba da shawarar kada da'ira ta gaza mita 100 zuwa 150. A iPhone ma manhajar Reminders ba ta barin a matse ta ƙasa da kusan mita 100. Lissafin ya yi mini daidai ta wata fuskar kuma. Mai tafiya a ƙafa yana cin kamar mita 80 a minti ɗaya, don haka daga layin da'ira zuwa ƙofa minti 2 ne. Android kuwa ba ta duba matsayi kowace daƙiƙa: jagorar nan ta ce jinkirin yakan kai minti 2 zuwa 3, in wayar ta daɗe a ajiye ma ya kai 6. Haɗa biyun, sai tunin ya riƙa zuwa ina buɗe ƙofa ko ina cire takalmi, taku kaɗan daga mitar wuta. A cikin rubutun tunin nakan liƙa lambobin 20 ɗin gaba ɗaya, don kada in tsaya neman saƙon da aka turo da rana.

Wannan jinkirin da ya taimake ni a wajen isowa shi ne ke kashe tunin fita, kuma a nan na ga mutane sun fi yin asara. Ka ce wa waya in na bar gida ki tuna mini in ɗauki fayil. Ba za ta san ka bar gida ba sai ka tsallaka layi, wato ka yi mita 150. Ƙara jinkirin minti 2. In kana cikin adaidaita sahu mai gudun kilomita 20 a awa, kowane minti mita 330 ne da ɗoriya. Tunin zai same ka kusan mita 800 daga fayil ɗin, ka riga ka hau babban titi. Abin da za a ɗauka daga gida bai kamata a ɗaura shi kan fita ba. A juya shi: in na iso gida da yamma, in saka fayil a jaka. Tunin fita yana da amfani ne ga abin da za a yi a hanya, kamar in na tashi daga ofis in biya kyamis, ko in kira gida in ji ko akwai cefanen da za a taho da shi.

Na ofis yana da nasa hali. In ma'aikatarku tana cikin babbar haraba, kada a dasa ɗigon a ƙofar shiga, a dasa shi kan ginin da teburinka yake. In kuma ofishin na bakin titin da kake bi ran Asabar zuwa kasuwa, tunin zai buga kana wucewa, domin wayar ba ta bambance mai zuwa aiki da mai wucewa. Android tana da wani tsari da ke jira sai an ɗan daɗe a cikin da'ira kafin ya buga, sai dai ba kowace manhaja ke ba mai waya damar zaɓarsa ba. Inda ake da shi, minti 3 zuwa 5 sun wadatar.

Yanzu ga abin da ya fi hana shi aiki a wayoyin da ke hannun yawancinmu, kuma ba laifin taswira ba ne. Tun daga Android 10, wadda ta fito a 2019, izinin sanin wuri ya rabu biyu: wanda manhaja ke da shi sa'ad da take buɗe a gabanka, da wanda take da shi ko tana rufe. Akasarin mutane kan danna na farko, kuma da hujjarsu. Amma tunin wuri dole ya yi aiki waya na aljihu, don haka sai an shiga Settings, an nemi manhajar, an buɗe Permissions, sannan Location, a zaɓi Allow all the time. Daga Android 11 wannan zaɓin ba ya ma fitowa a tambayar farko, sai mutum ya je ya nemo shi da kansa. A wannan shafin dai, daga Android 12, akwai Use precise location. In yana kashe, abin da manhajar ke samu kintace ne da ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 3, wanda da'irar mita 150 ba za ta iya komai da shi ba. Masu iPhone suna da irinsa tun 2020, sunansa Precise Location, yana ƙarƙashin Location Services.

Bayan izini sai tanadin batir. Inda wuta ba ta zama, kowa ya koyi lallaɓa caji: a kashe Location, a kashe data, a kunna yanayin tanadi, a danna maɓallin share manhajojin da ke aiki a ɓoye. Kowanne daga cikin waɗannan na iya kashe tunin ba tare da wata sanarwa ba. Wayoyi da yawa, har da Tecno da Infinix da suka cika kasuwanninmu, suna zuwa da nasu tsarin kula da batir a kan na Android, mai hana manhajoji tashi da kansu. Dole a cire manhajar tuni daga cikin waɗanda ake takurawa. A shafin batir na manhajar a zaɓi Unrestricted, in kuma wayar na da jerin Auto-start a ba ta izini a ciki. Akwai wani abu da na daɗe ban gane ba. A Android, in waya ta mutu aka sake kunna ta, da'irorin da aka yi wa rajista suna gogewa, sai manhajar ta sake shigar da su. Mai kyau takan yi haka da kanta, amma in an hana ta tashi da kanta ba za ta samu dama ba. Na lura ranakun da tunina ya yi shiru su ne ranakun da batir ya ƙare da rana na yi caji a ofis. Tun daga nan, duk sanda wayar ta mutu ta dawo, nakan buɗe manhajar sau ɗaya in rufe. Data kuma, ko da GPS ba ya buƙatarta, kintace da Wi-Fi da ƙarafunan sabis yana buƙatar 'yar kaɗan don tuntuɓar kundin nan. A bar Wi-Fi scanning a kunne ko da babu Wi-Fi ɗin da za a hau.

Wace manhaja? Mai iPhone ba ya buƙatar saka komai: a cikin Reminders ya buɗe bayanan tunin, ya kunna Location, ya zaɓi Arriving ko Leaving, ya ja da'irar da yatsa. Mai Samsung yana da Reminder, a cikinta akwai Place. Sauran masu Android sun daɗe suna dogara da Google Keep, amma daga 2025 Google ya mayar da tunin Keep zuwa Google Tasks, wadda agogo kawai ta sani, tunin wuri ya fita daga ciki. Wanda ya saba da shi a can ya ga ya ɓace, ba wayarsa ce ta lalace ba. TickTick da Todoist suna da shi, sai dai a Todoist yana cikin tsarin da ake biya. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: izinin Allow all the time ba ƙaramin abu ba ne, domin manhajar da ta same shi tana iya sanin inda kake kwana da inda kake yini. Manhaja ɗaya sananniya za a ba, ba duk wadda talla ta kawo ba. Kuma ba a buƙatar da'irori barkatai. Android na ba kowace manhaja damar 100, iPhone 20, ni kuwa 3 nake da su: gida, ofis, da gidan mahaifiyata.

Akwai wanda da'ira ba za ta yi masa ba ko an saita komai daidai. Maƙwabcina tela ne, shagonsa bai fi taku 70 daga gidansa ba. Duk da'irar da ta rufe gidan ta rufe shagon, a wurin waya bai taɓa fita ba, bai taɓa isowa ba. Haka mai shago a ƙasan bene da ke kwana a sama, domin da'irar ba ta san hawa ba. Ga irinsu sai a nemi wata alama da ba taswira ba. Manhajoji irin su MacroDroid da Tasker suna iya fito da saƙo a duk lokacin da wayar ta haɗu da wani Wi-Fi ko wata na'urar Bluetooth da ka ambata, kuma wannan ya fi da'ira daidaito, tunda saƙon Wi-Fi bai cika wuce 'yan mitoci goma-goma ba. Sai dai alamar ta zama mai zama wuri ɗaya. Ƙaramar na'urar intanet da ake sakawa a aljihu tana bin mai ita duk inda ya je, ba ta nuna gida ba ta nuna shago. Ta bango kuma in an ɗauke wuta ta mutu, ka shigo babu abin da wayar za ta haɗu da shi, sai can an kawo wuta tunin ya buga. Ga mai son loda katin wuta wannan ba dabara ba ce, tunda ranar da ya fi buƙatar tunin ita ce ranar da na'urar ke kashe.

Kafin a ɗora masa abu mai muhimmanci, a gwada shi. A saita tunin isowa gida, a kulle wayar a saka a aljihu yadda aka saba, a taka zuwa wani wuri da ya kai ninki biyu na faɗin da'irar, masallacin unguwa ko bakin titi, a yi minti 10 a can don wayar ta tabbatar tana waje, sannan a dawo. A lura da inda ya buga. In tun daga nesa ne, a rage faɗin. In bai buga ba har an zauna, a koma kan izini da batir kafin a taɓa da'irar. Wasu manhajojin suna bugawa nan take in an saita tunin isowa ana cikin da'irar, wasu kuma sai an fita an dawo, don haka gwajin da aka yi ana zaune a falo ba ya nuna komai. A maimaita sau ɗaya bayan an kashe wayar an kunna.

Ko bayan ya ci gwaji, akwai abin da ban yarda in bar masa shi kaɗai ba. Maganin hawan jinin mahaifiyata yana kan agogo, domin ko na je gidanta ko ban je ba lokacinsa na zuwa. Abin da ke kan da'irar gidanta shi ne in duba kwalin in ga ƙwaya nawa suka rage. Katin wuta ma na yi masa madogara biyu: da'irar mita 150, da ƙararrawar ƙarfe 9 na dare wadda nake gogewa da zarar mitar ta karɓi lambobin.